Alƙawari Kafin a Ga Sakamako: Shafin da Kwamitin Tallafin Bincike Bai Kamata Ya Tsallake Ba

A shekarar 2015 wasu masana biyu a Amurka, Robert Kaplan da Veronica Irvin, suka tattaro manyan gwaje-gwajen magani guda 55 waɗanda cibiyar gwamnatin ƙasar mai kula da cututtukan zuciya da huhu da jini ta biya kuɗinsu tsakanin 1970 da 2012. Abu ɗaya suka duba: gwaji nawa ne ya ƙare da cewa maganin ya yi amfani? Cikin gwaje-gwaje 30 da aka wallafa kafin shekarar 2000, guda 17 sun ce magani ya yi aiki. Cikin 25 da suka biyo baya kuwa, biyu kacal.

A shekarar 2000 ɗin ne aka buɗe rajistar ClinicalTrials.gov, inda mai bincike ke rubuta abin da zai auna tun kafin ya ga sakamako, kowa kuma yana iya dubawa. Kaplan da Irvin ba su yi da'awar cewa rajistar kaɗai ta kawo wannan faɗuwar ba, domin wasu abubuwan ma sun sauya a tsakani. Amma sun nuna cewa da yawa daga cikin gwaje-gwajen baya-bayan nan sun samu wani sakamako mai daɗin ji a gefe, wanda da a ce ba a ɗaure masu binciken da alƙawarin farko ba, da sun iya ɗauko shi su kafa shi a matsayin babban labari.

Wannan alƙawarin yana da mazauninsa a takardar neman tallafin bincike. Shi ne sashen da ake kira tsarin nazarin alƙaluma, shafi ɗaya ko biyu inda mai neman kuɗi ke bayyana abin da zai ƙirga, da mutum nawa zai ɗiba, da yadda zai yi lissafin da zai kai shi ga cewa abu ya yi aiki ko bai yi ba. Duk malamin jami'a da ya taɓa neman kuɗin bincike daga asusun TETFund a Abuja, ko daga wata gidauniya ta waje, ya san wurin. Abin da ke da wuya shi ne masu karanta shi. A kwamitoci da yawa za a iske likita da injiniya da akanta da wakilin wata ma'aikata, mutane masu kaifin basira a fagensu, waɗanda rabonsu da darasin ƙididdiga tun suna aji biyu a jami'a. Idan suka zo kan sakin layi mai cike da sunayen gwaje-gwajen lissafi, sai su yi ɗayan biyu: ko su sakar wa mai rubutun komai saboda kalmomin sun yi musu kwarjini, ko su yi zargin ana rufe su ne. Ko wanne suka yi, kuɗin jama'a ne ke tafiya ba tare da an tantance ba.

Alhali kuwa shawarwarin da ke cikin wannan sashe, in an rubuta su da harshen mutane, akanta yana iya auna su, wani lokacin ma fiye da farfesa. Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Lamba ɗaya, da sunanta da ranarta

A ɗauka wata malama a sashen lafiyar al'umma tana neman tallafi don gwada wata dabara a ƙauyukan wata ƙaramar hukuma a Jigawa. Alƙaluman da za su biyo baya duk na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili. Dabarar ita ce a ɗauki mata 'yan sa-kai su riƙa bi gida-gida suna tuna wa masu jego ranar riga-kafi. Allurar Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da ciwon hanta, sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma ta ukun ce iyaye suka fi bari ta wuce.

Rubutun farko da irin wannan malama kan kawo yakan ce za a duba ko dabarar ta inganta riga-kafi da lafiyar yara da wayewar kan iyaye. Wannan jimla ba ta ɗaure kowa ba. Bayan shekara biyu, idan riga-kafi bai ƙaru ba amma iyaye sun fi iya amsa tambayoyi, sai a ce an yi nasara. Idan wannan ma bai samu ba, a dubi nauyin yara, ko yawan zuwa asibiti, ko gudawa. Wanda ya auna abu ashirin, da mizanin da aka saba amfani da shi na yarda da kuskure sau biyar cikin ɗari, ko da dabarar ba ta taɓuka komai ba, yiwuwar ya ci karo da aƙalla sakamako ɗaya mai kama da nasara ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari, in dai abubuwan ashirin ba su rataya da juna ba. Ba sai ya yi ƙarya ba. Dace kawai ya ishe shi.

Saboda haka jimlar da kwamiti ya kamata ya fara nema ita ce mai kama da wannan: babban abin da za mu auna shi ne kason yaran da suka karɓi allurar Penta ta uku kafin su cika wata shida, bisa abin da ke rubuce a katin riga-kafi ko a rajistar asibiti. A cikinta akwai abin da za a ƙirga, da lokacin, da shaidar da za a karɓa. Maganar shaida tana da nauyi a nan, domin uwar da 'yar sa-kai ta ziyarta sau huɗu tana iya cewa an yi wa ɗanta allura don kara, ba don an yi ba. Sauran abubuwan da malamar ke son dubawa ba a hana ta ba. Ta jera su a ƙasa a matsayin na biyu, ta kuma faɗa a sarari cewa ba da su za a yanke hukunci ba.

Yara nawa, kuma don me

Nan ne kuɗin yake, nan kuma ya kamata kwamiti ya fi daɗewa. Adadin mutanen da za a ɗiba shi ke haifar da yawan ma'aikata da man babur da watannin aiki. Takardar da ta ce za a ɗauki yara 500 ba tare da ta nuna inda 500 ɗin ta fito ba, ta bar rabin kasafin kuɗinta babu tushe.

Abu huɗu ke shiga lissafin, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mai karatu a cikinsu. Na farko, halin da ake ciki yanzu: a misalinmu, yara 40 cikin ɗari ne ke kammala allura ta uku, kuma dole malamar ta faɗi inda ta samo wannan, ko daga rajistar asibitocin yankin ko daga wani ɗan binciken share fage. Na biyu, ƙarin da ya cancanci a kashe kuɗi a kansa. Ta ce daga 40 zuwa 55, wato ƙarin maki 15, domin ƙasa da haka hukumar lafiya ba za ta ga dalilin biyan alawus ɗin 'yan sa-kai ba. Na uku, haɗarin cewa abu ya yi aiki alhali bai yi ba, wanda al'adar masu bincike ta tsayar a biyar cikin ɗari. Na huɗu shi ne ƙarfin binciken, wato idan da gaske ƙarin maki 15 ɗin yana nan, sau nawa bincike irin wannan zai gano shi. An saba ɗaukar kashi 80, ma'ana da za a maimaita aikin sau goma, sau takwas za a kama bambancin, sau biyu kuma ya kuɓuce.

A manhajar R, wadda kyauta ce, layi ɗaya ya isa:

```
power.prop.test(p1 = 0.40, p2 = 0.55, power = 0.80)
```

Amsar ita ce yara 173 a kowane ɓangare, 346 gaba ɗaya. Yana da kyau mai neman tallafi ya sa wannan layin a ƙasan shafi, domin duk wanda kwamiti ya nemi ya duba masa zai iya maimaita lissafin cikin minti ɗaya.

Daga cikin abubuwa huɗun nan, na biyu ne aka fi yi wa wasa. Da malamar ta ce ƙarin da take nema maki bakwai da rabi ne, rabin na farko, da adadin bai tsaya a ninki biyu ba, sai ya kai kusan ninki huɗu, yara 686 a kowane ɓangare. Haka lissafin yake: a rage bambancin da ake nema da rabi, a ninka mutane sau huɗu. Wannan ne ke jan wasu masu neman tallafi su fara da kuɗin da suke ganin za a ba su, su ga mutum nawa zai ɗauka, sannan su koma baya su ƙirƙiro babban bambancin da zai dace da adadin. Alamar hakan ba ta ɓuya. Idan takarda ta ce saƙon tes kawai zai ɗaga riga-kafi daga 40 zuwa 75, ɗan kwamiti ba ya buƙatar digirin ƙididdiga kafin ya tambaya: a ina aka taɓa ganin haka, kuma idan ainihin ƙarin maki goma ne, wannan binciken zai iya ganinsa? In ba zai iya ba, za a kashe kuɗin a ƙare da cewa ba a ga bambanci ba, a kuma jefar da dabarar da mai yiwuwa tana da amfani.

To amma 346 ma ba ita ce amsar malamar ba, kuma a nan takardu da yawa ke tuntuɓe. Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa za a jefa ƙuri'a a kan kowane yaro shi kaɗai, wannan a ziyarci gidansu, wancan a ƙyale. A ƙauye hakan ba ya yiwuwa. Matar da aka tuna wa ranar allura za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta a bakin rijiya, kafin mako ya zagayo ɓangarorin biyu sun cakuɗe. Dole a jefa ƙuri'ar a kan ƙauyuka, wannan ƙauyen gaba ɗayansa da 'yan sa-kai, wancan babu.

Da zarar an yi haka, sai wata matsala ta taso. Yaran ƙauye ɗaya suna kama da juna a wannan sha'ani. Asibitinsu ɗaya, nisan hanyarsu ɗaya, ma'aikacin da ke zuwa ko ba ya zuwa ɗaya, mai unguwa da liman ɗin da ke goyon baya ko suke ɗari-ɗari su ma ɗaya. Wanda ke son sanin yadda matan gari suka iya miya, in ya ɗanɗana ludayi ashirin daga tukunya guda, bai san abin da wanda ya ɗanɗana tukwane ashirin ya sani ba. Yara ashirin daga ƙauye ɗaya ba su kai yara ashirin daga ƙauyuka ashirin ba wajen bayanin da suke bayarwa.

Masana ƙididdiga suna auna wannan kamanceceniya da wata lamba tsakanin sifili da ɗaya, wadda a takardu ake rubuta ta ICC. Daga ita ake samun abin da za a ninka adadin da shi:

```
1 + (m - 1) × ICC
```

Harafin m yana nufin yawan yaran da za a ƙirga a kowane ƙauye. Malamar ta ce yara 20, ta kuma ɗauki ICC a kan 0.05. Sai lissafi ya zama ɗaya a tara da 19 sau 0.05, wato 1.95. Lambar da ta yi kama da ba komai ba ta kusa ninka aikin biyu: 173 ya koma 338, wanda ke nufin ƙauyuka 17 a kowane ɓangare, 34 gaba ɗaya. Da ICC ɗin 0.10 ce, da ƙauyuka 52 za a nema. Tunda ba wanda ya san ainihin lambar kafin a yi aikin, takarda mai gaskiya takan faɗi inda ta samo hasashenta, ta kuma nuna wa kwamiti abin da zai faru in hasashen ya yi ƙasa.

Akwai abin da akanta zai so ya ji a nan. Ƙara yara a ƙauyen da aka riga aka shiga yana da araha, shiga sabon ƙauye kuwa yana cin kuɗi, don haka kowa zai so ya rage ƙauyuka ya ƙara yara. Lissafin bai yarda ba. Da ICC ta 0.05, ko yara dubu aka ƙirga a ƙauye ɗaya, bayanin da suka bayar ba zai wuce na yara ashirin masu zaman kansu ba. Shi ya sa takardar da ta ce za ta kwatanta gari ɗaya da wani gari ɗaya, mutum dubu biyu a kowanne, ba ta da ƙarfin da yawan mutanen ke nunawa. Duk bambancin da ta gani, babu yadda za a raba tsakanin aikin dabarar da bambancin da dama ke tsakanin garuruwan biyu.

Wannan lura ba ta tsaya a kan adadin mutane ba, dole ta bi har cikin lissafin ƙarshe. Idan malamar ta ɗibi yaran ƙauye-ƙauye amma ta yi lissafi kamar kowane yaro shi kaɗai yake, haɗarin nasarar ƙarya da ta ce biyar ne cikin ɗari zai tashi zuwa kusan 16. Ga kwamiti, jimla ɗaya ta wadatar: tunda ƙauyuka aka raba, lissafinmu zai yi la'akari da cewa yaran ƙauye ɗaya suna kama da juna. Sunan hanyar lissafin sai ya biyo baya, don masanin da za a iya aika wa takardar.

Waɗanda ba a iske ba

Ba duk yaron da aka rubuta sunansa ranar suna za a iske bayan wata shida ba. Wata uwar ta tafi wankan jego gidan iyayenta a wani gari ta daɗe, wani gidan ya tashi ci-rani, makiyaya sun ƙara gaba, wani katin ruwa ya ci shi da damina, wani yaron kuma Allah ya karɓi abinsa. Malamar ta yi hasashen rasa ɗaya cikin shida, don haka za ta rubuta yara 24 a kowane ƙauye don ta samu 20 a ƙarshe. Jimilla ta zama 816, daga 346 da aka fara da ita.

Ƙara adadi yana cike gurbin yawa, amma bai magance wata damuwar ba, domin waɗanda suka ɓace ba lallai su yi kama da waɗanda suka zauna ba. A ce aikin ya ƙare, a kowane ɓangare an rubuta yara 408 an iske 340. A ƙauyukan 'yan sa-kai 187 sun kammala allura, kashi 55 ke nan, a ɗaya ɓangaren kuma 136, kashi 40. Yara 68 ba a san labarinsu ba a kowane gefe. Idan aka ɗauka duk waɗanda suka ɓace ba su yi allurar ba, sakamako ya zama kimanin 46 da 33, dabarar tana nan a gaba. Idan kuwa aka ɗauki mafi munin zato, cewa ɓatattun ɓangaren 'yan sa-kai duk ba su yi ba, na ɗaya ɓangaren kuma duk sun yi, sai ya zama 46 da 50, nasarar ta juye. Da wuya gaskiya ta kai wannan munin, amma lissafin ya nuna irin girman abin da ke hannun wanda zai yanke shawara a kan ɓatattun nan. In an bar shawarar sai bayan an ga alƙaluma, zuciya za ta karkata ga zaton da ya fi daɗi. Tsarin nazari mai kyau yakan faɗi tun farko wace hanya ce babba, waɗanne zato biyu ko uku za a gwada a gefe, da kuma matakan da za a ɗauka don rage ɓatan tun a fili, kamar karɓar lambar wayar mai gida da ta wani ɗan'uwa, da duba rajistar asibitocin maƙwabta.

Kusa da wannan akwai tambayar ƙauyen da aikin ya lalace a cikinsa. 'Yar sa-kai ta yi wata biyu sai aka ɗaura mata aure ta tare a wani gari, ba a samu madadinta ba. Ana iya jin cewa adalci shi ne a cire ƙauyen, tunda bai ga dabarar sosai ba. Ƙa'idar da masu gwaji suka amince da ita ta ce a bar shi a ɓangaren da ƙuri'a ta jefa shi. Dalili na farko, ƙauyukan da aiki ke lalacewa a cikinsu galibi su ne na nesa, masu wuyar shiga, inda riga-kafi dama ya fi ƙaranci, cire su daga gefe ɗaya kuwa zai ƙawata wannan gefen ba gaira ba dalili. Na biyu, idan gwamnati ta ɗauki dabarar, 'yan sa-kanta ma za su yi aure su tashi, kuma abin da take son sani shi ne amfanin shirin da duk cikas ɗinsa.

Rarraba mutane rukuni-rukuni

Kusan kowane kwamiti yana da mai tambaya ko dabarar ta fi aiki ga mata ko maza, ga na kusa da asibiti ko na nesa. Tambaya ce mai kyau, amma amsarta tana da tarko, kuma an nuna tarkon a fili tun 1988. A shekarar ne mujallar The Lancet ta wallafa gwajin ISIS-2, wanda ya ƙunshi mutum 17,187 da ake zaton sun samu bugun zuciya, ya kuma nuna cewa asfirin yana rage mutuwa da kusan kashi 23 cikin ɗari a makonni biyar na farko. Masu binciken, ciki har da Richard Peto na Jami'ar Oxford, suka raba marasa lafiyar bisa burujin da aka haife su a ciki, da gangan, don su yi gargaɗi. Sai ga shi waɗanda aka haifa a burujin Jauza'u da na Mizani kamar asfirin bai amfane su ba, har ma mutuwa ta ɗan fi yawa a cikin waɗanda suka sha, alhali sauran burujai sun amfana sosai. Taurari ba su da hannu a ciki. Duk sanda aka yanyanka jama'a gida goma sha biyu, dace zai sa wani gidan ya fita daban.

Misali na kusa da gida shi ne gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018, inda aka raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitiromaisin sau biyu a shekara a al'ummomi 1,533 na Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar an yi aikin ne a jihar Dosso. Babban sakamakon, na ƙasashen uku a haɗe, shi ne raguwar mutuwar yara da kashi 13.5. Da aka raba, Nijar ta nuna kashi 18.1, Malawi 5.7, Tanzaniya 3.4, kuma alƙaluman ƙasashe biyun ƙarshe ba su isa a ce an tabbatar da amfani a can ba. Abin da ya sa aka ɗauki wannan rabe-raben da muhimmanci shi ne ba bayan an ga alƙaluma aka laluɓo shi ba, ƙasa uku dama su ne ginshiƙin tsarin aikin, kuma akwai dalili mai ma'ana, tunda mutuwar yara ta fi yawa a Nijar. Duk da haka ba a tsaya nan ba, an ci gaba da wasu gwaje-gwajen a Nijar da maƙwabtanta don a ƙara tabbatarwa. Ga malamarmu, darasin a aikace shi ne ta ambaci rukuni biyu ko uku tun yanzu, ta faɗi dalilin kowanne da ɓangaren da take tsammanin zai fi amfana, ta kuma rubuta cewa yara 816 an lissafa su ne don babbar tambaya, ba su isa yanke hukunci a kan rukunai ba.

Yadda amsar za ta fito

Abin da ya fi taimaka wa kwamitin da ba na masana ba shi ne a nuna masa teburin sakamako tun yanzu, da kanun layuka a rubuce da guraben lambobi babu komai, sannan a bi shi da jimlar da za a karanta a ƙarshen aiki. Misali: ziyarar 'yan sa-kai ta ƙara kammala allura da maki 15, kuma alƙalumanmu sun dace da ƙarin da bai gaza maki 5 ba bai kuma wuce 25 ba. Waɗannan iyakoki biyu, da ake lissafawa da tabbacin kashi 95, sun fi lambar p amfani ga mai riƙe da kuɗi. Lambar p tana faɗin yadda zai yi wuya a ga irin wannan bambancin da a ce dabarar ba ta yin komai, amma ba ta faɗin girman amfanin. Iyakokin kuwa suna gaya wa kwamishina cewa mafi ƙarancin abin da zai sa rai ƙarin yara biyar ne a kowane ɗari, sai ya auna da kuɗin alawus. Gwajin MORDOR ma haka ya bayar da nasa: kashi 13.5, tsakanin 6.7 da 19.8.

Ganin faɗin 5 zuwa 25 tun kafin a saki kuɗi yana ba kwamiti damar cewa wannan ya ishe mu, ko kuwa a ƙara ƙauyuka don iyakokin su matso. Takardar ta kuma faɗi abin da za a ce in iyakokin suka haɗa da sifili, wato ba a tabbatar da amfani ba, wanda ya bambanta da an tabbatar babu amfani.

Saura maganar wanda zai yi aikin. Kwamiti ya duba ko akwai sunan masanin ƙididdiga a cikin tawagar, da watannin aikinsa a kasafin kuɗi tun daga farkon shiri, domin kuskuren adadin ƙauyuka ba ya gyaruwa bayan an gama tattara bayanai. Ya duba kuma alƙawarin yin rajistar gwajin a wuri irin Pan African Clinical Trials Registry kafin a rubuta sunan yaro na farko, da alƙawarin sa hannu da kwanan wata a kan cikakken tsarin nazarin kafin masanin ya san wane ɓangare ne ya samu 'yan sa-kai. Tsari yana iya sauyawa, ambaliya ta yanke ƙauyuka uku ko a samu ƙarancin allura na wata biyu, kuma babu laifi a sauya muddin an rubuta ranar da dalilin, aka kuma sanar da masu ba da kuɗin.

Wannan bibiyar tana da dalili. Tsakanin ƙarshen 2015 da farkon 2016, wata tawaga a Oxford ƙarƙashin Ben Goldacre ta ɗauki gwaje-gwaje 67 da manyan mujallun likitanci biyar suka wallafa, ta kwatanta abin da kowanne ya yi alƙawarin aunawa da abin da ya bayar a rahoto. Tara ne kawai suka cika alƙawarin yadda suka ɗauke shi. A sauran 58, an bar wasu abubuwan da aka ce za a auna ba a ambace su ba, ko an shigo da sababbi ba tare da an faɗa ba. Hukumar da ke ba da tallafi tana da hanyar kare kanta daga wannan ba tare da ƙarin kuɗi ba: ta ajiye kwafin tsarin nazarin da aka sa wa hannu a fayil ɗin aikin, ranar da rahoton ƙarshe ya iso ta ɗora teburinsa kusa da teburin da aka nuna mata babu lambobi, ta bi layi-layi kafin ta saki kason kuɗi na ƙarshe.